Yadda ake raba muryoyi biyu a hirar da aka naɗa

Idan aka naɗi hira da makirufo biyu, aka sa mai tambaya a layin hagu, baƙo kuma a layin dama, raba su zuwa fayil biyu ba ya cin minti ɗaya. Abin da ke cin lokaci shi ne fitar da muryar kowannensu daga layin ɗan'uwansa ba tare da an ɓata maganar ba.

Akasarin rakodojin da 'yan jarida da masu bincike ke fita aiki da su suna naɗar sauti ne a tsarin sitiriyo, wato layi biyu a cikin fayil guda, na hagu da na dama.

An ƙirƙiro wannan tsari ne domin mai sauraro ya ji kamar sautin na zuwa masa daga ɓangarori biyu. Wani injiniya ɗan Birtaniya, Alan Blumlein, shi ne ya nemi rajistar mallakar fasahar a shekarar 1931.

To sai dai masu aikin rediyo sun samar wa tsarin wani amfani na daban. Sukan jona makirufo ɗaya a kowane layi, ta yadda za a iya gyara muryar mutum guda ba tare da an taɓa ta ɗayan ba.

Amma ba a watsa hira a haka. Mai sauraron da ya sa abin sauraro a kunne ɗaya kawai zai ji tambaya ya rasa amsa, ko ya ji amsa ya rasa tambaya. Ƙaramar rediyo mai lasifika ɗaya kuwa za ta haɗe layukan biyu yadda ta same su, mai ƙarfi ya danne mai rauni.

A fara da tabbatar da cewa a rabe suke

Ba kowane fayil mai layi biyu ne ke ɗauke da muryoyi a rabe ba.

Wasu rakodojin suna da wurin da ake umartarsu su haɗe makirufo biyun, sannan su zuba abu ɗaya a layin hagu da na dama. Haka kuma, idan da makirufo biyun da ke manne a kan rakodar aka yi naɗin, to kowanne ya ɗauki muryoyin biyu kusan da ƙarfi ɗaya, saboda suna dab da juna.

Akwai kuma batun aikawa. Wakilin da ya kunna hira ya sake naɗarta a matsayin saƙon murya, ko ya bi da ita ta wata manhaja da ke matse sauti, zai iya rasa rabuwar gaba ɗaya. Ainihin fayil ɗin da ya fito daga rakoda shi ake buƙata.

Hanya mafi sauƙi ta dubawa ita ce a buɗe fayil ɗin a Audacity, manhajar gyaran sauti da ake samu kyauta, wadda Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka faro a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, aka kuma fara sakinta a shekarar 2000.

Manhajar za ta nuna zane biyu, na sama shi ne hagu, na ƙasa shi ne dama. Idan muryoyin a rabe suke, zanen sama zai yi tudu a daidai inda na ƙasa ya kwanta, sannan su yi musaya, kamar yadda tambaya da amsa ke musaya. Idan kuwa duk inda ɗaya ya tashi ɗayan ma ya tashi da tsayi iri ɗaya, to akwai alamar tambaya.

Akwai gwajin da ke yanke shakka. Bayan an raba layukan, sai a zaɓi ɗaya a yi masa `Invert`, wanda ke juya zanen sautin sama ya koma ƙasa, sannan a kunna su tare. Idan abu ɗaya ne a layukan biyu, za su kashe juna, a ji shiru. Idan aka ci gaba da jin muryoyin biyu sarai, to akwai bambanci a tsakaninsu. Da an gama gwajin sai a janye juyin da aka yi.

Idan shiru aka ji, to babu abin da za a raba. Fayil ne mai murya a haɗe da aka rubuta sau biyu.

Rabawar kanta

Kafin komai, a ajiye kwafin ainihin fayil ɗin a wani wuri, a yi aiki a kan wani kwafin.

A Audacity na 3, a gefen hagu na zanen akwai jerin umarnin da ya shafi layin. A ciki akwai umarni biyu masu kama da juna, kuma a nan ne mutane da dama ke kuskure.

Na farko shi ne `Split Stereo Track`. Wannan yana raba layukan, amma yana barin ɗaya a kunnen hagu, ɗaya a kunnen dama. Na biyu shi ne `Split Stereo to Mono`, wanda ke raba su ya kuma dawo da kowanne tsakiya, ta yadda za a ji shi a kunnuwan biyu. Na biyun shi ne ake so a aikin hira.

Da zarar sun rabu, sai a ba kowanne suna nan take, domin a hira mai tsawo ana iya mance wanne ne na wa. A lokacin fitar da su kuma, sai a zaɓi a fitar da kowane layi a fayil nasa, a tsarin `WAV`, ba `MP3` ba. Dalili kuwa shi ne `MP3` yana zubar da wani ɓangare na sautin duk lokacin da aka ajiye, don haka a bar shi sai a matakin ƙarshe, idan ma ana buƙatarsa.

Ga wanda ke da hirarraki masu yawa, ko kwamfutarsa ba ta da ƙarfi, manhajar FFmpeg tana yin wannan aiki da umarni guda:

```
ffmpeg -i hira.wav -filter_complex "channelsplit=channel_layout=stereo[L][R]" -map "[L]" -c:a pcm_s24le wakili.wav -map "[R]" -c:a pcm_s24le bako.wav
```

Wannan umarni zai ɗauki `hira.wav`, ya zuba layin hagu a `wakili.wav`, na dama kuma a `bako.wav`.

Kalmar `pcm_s24le` tana da muhimmanci idan an yi naɗin a ma'aunin bit 24. Idan aka bar ta, manhajar za ta rubuta sababbin fayilolin a bit 16 ba tare da ta tambayi kowa ba.

Girman fayil yana iya nuna ko aikin ya tafi daidai. Hirar minti 30 da aka naɗa a bit 24, rakoda na ɗaukar ma'aunin sauti sau 48,000 a daƙiƙa, tana kai kimanin megabait 518. Kowane ɗaya daga cikin sababbin fayilolin ya kamata ya zama rabin haka, wato kimanin 259. Idan aka ga kimanin 173, to an sauko zuwa bit 16. Idan kuma aka ga 518 ɗin dai, to fayil ɗin bai daina zama mai layi biyu ba. Tsawonsu kuwa dole ne ya zo ɗaya da na asali.

Muryar da ke yoyo

Duk wanda ya saurari ɗaya daga cikin fayilolin shi kaɗai zai ji ɗayar muryar can ƙasa-ƙasa, kamar daga wani ɗaki. Wannan ba laifin manhaja ba ne. Makirufo ba ya tantance bakin da aka ajiye shi dominsa, duk sautin da ya iso gare shi ɗauka yake yi.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. A kan rakoda da kwamfuta, sifili shi ne ƙololuwa, duk abin da ke ƙasa da shi kuma ana rubuta shi da alamar ragi. Ke nan -6 ya fi -18 ƙarfi.

Ƙa'idar da ke tafiyar da yoyon murya mai sauƙi ce. Duk lokacin da tazarar da ke tsakanin baki da makirufo ta ninka, ƙarfin sautin yana raguwa da kimanin desibel 6. Wannan lissafi ya fi zama daidai a fili. A ɗaki mai siminti da babu labule ko darduma, amsa-kuwwa tana sa raguwar ba ta kai haka ba.

A ɗauki misalin wakilin da ya yi hira da wani dattijo mai sanyin murya. Kowannensu makirufonsa na da tazarar santimita 15 daga bakinsa, da kuma santimita 120 daga bakin ɗayan. Makirufo biyun iri ɗaya ne, an kuma saita ƙarfinsu daidai wa daida.

Daga 15 zuwa 120 ninki uku ke nan, wato 30, da 60, da 120. Saboda haka kowace murya za ta isa makirufon ɗayan da raguwar desibel 18.

A layin wakili, muryarsa tana kaiwa -6. A layin dattijo kuwa, tasa muryar ba ta wuce -18, saboda a hankali yake magana.

Yoyon muryar dattijo a layin wakili zai kasance a -36, wato desibel 30 ƙasa da mai layin. Wannan ba abin damuwa ba ne sosai.

Amma yoyon muryar wakili a layin dattijo zai kasance a -24. Tsakaninsa da muryar dattijon desibel 6 ne kacal. A nan matsalar take, kuma a layin mai sanyin murya aka fi samunta.

Abin da ƙara murya ke haifarwa

Domin a ji su daidai, dole a ƙara wa layin dattijo desibel 12, muryarsa ta kai -6. To amma duk abin da ke layin tare zai tashi. Yoyon muryar wakili zai koma -12, ƙarar fanka ko janareta da makirufon ya ɗauka ita ma za ta ƙaru da desibel 12.

Idan aka haɗa layukan biyu a haka, za a ji muryar wakili sau biyu, ɗaya daga makirufonsa, ɗaya daga na dattijo.

Ta biyun tana isowa a makare. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, kuma bambancin tazarar santimita 105 ne, don haka jinkirin ya kai kimanin kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa.

Kunne ba ya jin ɗan wannan jinkiri a matsayin amsa-kuwwa. Abin da ke faruwa shi ne muryoyin biyu suna ƙarfafa juna a wasu sassan sautin, suna kuma raunana juna a wasu. A wannan misali wasu sassan za su ragu da kusan desibel 6, wasu su ƙaru da fiye da 3. Sakamakon shi ne murya mai rami, kamar ana magana a cikin bututu ko tulu.

Gane wannan ba wuya. A kunna wurin da wakili ke tambaya, a rufe layin dattijo da `Mute`, sannan a buɗe. Idan muryar wakili ta cika lokacin da aka rufe, ta kuma yi rami da aka buɗe, to yoyo ne ke ɓata ta.

Mai gadin ƙofa

Akwai kayan aikin da ake kira `Noise Gate`, wanda ke aiki kamar mai gadi. Ana ba shi iyaka, duk sautin da ya haura ta sai ya bar shi ya wuce, wanda ya gaza kuma ya rage shi.

A layin wakili wannan zai yi aiki, domin akwai sarari mai faɗi tsakanin -6 da -36. Idan aka sa iyakar a wajen -32, yoyon zai faɗa ƙarƙashinta, akasarin maganar wakili kuma za ta haura.

A layin dattijo kuwa ba zai yi ba. Kafin a ƙara masa ƙarfi, iyakar dole ta faɗa tsakanin -18 da -24, bayan an ƙara kuma tsakanin -6 da -12, tazarar dai ba ta canja ba. Ga shi kuma -18 ɗin nan ƙololuwar muryarsa ce. Ƙarshen jimlolinsa, da kalmomin da yake faɗa cikin tunani, da numfashinsa, duk suna ƙasa da yoyon.

Idan aka matsa, mai gadin zai riƙa cinye ƙarshen kalmomi. A Hausa wannan asara ce babba, domin ƙananan kalmomi irin su "ba" ta korewa a ƙarshen jimla suke zuwa, a daidai inda murya ke sauka. Wanda ya ce abu kaza ba gaskiya ba ne, idan aka gutsure masa magana, za a iya jin abin da bai faɗa ba.

Ko a inda mai gadin ke aiki, gara a sa shi ya rage sautin da desibel 12 zuwa 15, maimakon ya kashe shi ƙurmus, a kuma ba shi ɗan jinkiri kafin ya rufe.

Aikin hannu

Layin dattijo sai da hannu. Ana bin hirar daga farko, duk inda wakili ke magana shi kaɗai sai a zaɓi wannan wuri a layin dattijo, a rage shi da `Amplify`, ko a lanƙwasa shi ƙasa da `Envelope`.

A hira irin wannan aikin bai kai yadda ake tsoro ba, tunda baƙo ne ke yin akasarin magana, tambayoyi kuma gajeru ne.

Idan aka rage waɗannan wurare da desibel 15, yoyon zai sauko daga -12 zuwa -27. Ke nan ya koma desibel 21 ƙasa da ainihin muryar wakili, tasirinsa a kanta kuma bai kai desibel 1 ba. Ramin da ake ji a muryar zai ɓace.

Akwai dalilin da ya sa ragewa ta fi kashewa. Kowane ɗaki yana da ɗan sautinsa, ko da ba wanda ke magana. Idan wannan sauti yana ɗaukewa ɗif yana dawowa, mai sauraro zai lura, har ya yi zaton an yanke wani abu daga maganar. A gefen kowane wurin da aka rage kuma, a sa saukar da hawan su zama a hankali.

Babban haɗari a wannan mataki shi ne gogewa. Idan aka goge daƙiƙa biyu daga layi ɗaya kawai, duk abin da ke bayansu zai matso gaba da daƙiƙa biyu, ɗayan layin kuma yana nan inda yake. Daga nan amsa za ta fara shigowa kafin tambaya ta ƙare, yoyon kuma zai zama amsa-kuwwa ta gaske.

Don haka idan ana so a cire tari daga layi ɗaya, sai a mayar da wurin shiru da `Ctrl+L`, wanda ba ya taɓa tsawon layin. Idan kuma yanke wani sashe na hirar ake so, to a kunna `Sync-Lock` a ƙarƙashin `Tracks`, domin yankan ya shafi layukan biyu tare.

Ƙarar fanka ko ta janareta ita ma kowane layi ake yi wa tata. Kayan aikin `Noise Reduction` yana buƙatar a nuna masa samfurin ƙarar daga wurin da ba wanda ke magana. A ɗauki samfurin kowane layi daga cikinsa, domin makirufon da ya fi kusa da taga ba abu ɗaya ya ji da ɗayan ba. Idan aka yi yawan ragewa, muryar za ta koma kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa.

Inda rabawa ta tsaya

Akwai wurin da waɗannan dabaru ba sa kaiwa, wato inda mutanen biyu suka yi magana a lokaci guda.

Idan wakili ya katse dattijo, ko ya riƙa cewa "na'am" da "haka ne" a tsakiyar amsa, ana iya rage wannan a layin wakilin. Amma yoyonsa yana nan a layin dattijo, desibel 6 kawai ƙasa da muryarsa, kuma duk abin da aka yi wa ɗaya an yi wa ɗayan. A irin wannan wuri gara a bar muryoyin biyu yadda suke, domin katsewar da aka ji sarai ta fi wadda aka ji rabi-rabi.

Wannan ne ya sa ake koya wa masu hira su riƙa gyaɗa kai maimakon amsawa da baki.

Bayan an gama, sai a daidaita ƙarfin layukan biyu da `Loudness Normalization`, wanda ke auna yadda kunne ke jin ƙarfin magana, ba ƙololuwarta kaɗai ba. Ƙungiyar kafofin watsa labarai ta Turai, EBU, ta fitar da ma'auni a shekarar 2010 da ya sa ƙarfin shiri a -23 `LUFS`. Kowace tasha dai tana da abin da take bi, kuma shi ya kamata a tambaya kafin a miƙa aiki.

Daga ƙarshe a saurari hirar a lasifika ɗaya, irin ta wayar hannu ko ƙaramar rediyo, domin a nan ne ramin murya ya fi fitowa.

Lissafin da ya gabata yana kuma nuna abin da ya kamata a yi tun a wurin naɗi. Ƙara ƙarfin makirufon dattijo a kan rakoda ba zai faɗaɗa tazarar desibel 6 ɗin nan ba, tunda muryarsa da yoyon tare za su tashi. Amma da an matso da makirufon zuwa kimanin santimita 8 daga bakinsa, da muryarsa ta ƙaru da kusan desibel 6 alhali yoyon yana kusan inda yake, tazarar ta zama 12. Da kuma an ninka nisan da ke tsakanin mutanen biyu, da an sake samun wasu 6 ɗin.